Asara a Littafi, Kuɗi a Banki: Wasiƙar da Jami'in Kuɗi Ke Rubuta wa Daraktoci Idan An Zaftare Darajar Kadara

Kafin zaman amincewa da lissafin ƙarshen shekara, daraktocin kamfani kan karɓi takardu biyu da suke kamar suna ƙaryata juna. Ta farko ta ce kamfani ya yi asarar naira miliyan 300. Ta biyu, wato takardar banki, ta ce kuɗin da ke asusu sun ƙaru daga miliyan 450 zuwa miliyan 800. Daraktan da ba akanta ba yana da haƙƙin ya tambaya: in an yi asara, ina kuɗin suka tafi? In kuma kuɗi na nan, wace irin asara ce wannan? Amsa wannan tambaya aikin babban jami'in kuɗi ne, kuma a rubuce ya kamata ya amsa ta, kwanaki kafin zaman, domin ba a teburin taro ake koyar da irin wannan lissafi ba.

Za mu bi wasiƙar da misalin wani kamfanin sarrafa shinkafa a ƙarshen shekarar 2024. Kamfanin da alƙalumansa na misali ne, amma ƙa'idojin su ne waɗanda kamfanonin da ke bin tsarin lissafin kuɗi na ƙasa da ƙasa, wato IFRS, suke aiki da su, tsarin da Najeriya ta fara wajabta wa kamfanonin da ke kasuwar hannun jari tun 2012.

Sakin layin farko bai kamata ya yi kwana-kwana ba. Ga irin yadda zai zo: "Ranka ya daɗe Shugaba, da sauran daraktoci, lissafin bana zai nuna asarar naira miliyan 300 kafin haraji. Da ba don abu guda ba, da ribar biliyan 1.2 zai nuna. Abin shi ne mun rage darajar sabon layin injinan casa a littafi da naira biliyan 1.5. Ba mu biya kowa wannan kuɗi ba, kuma ba za mu biya ba. Sai dai ragin yana shafar sharaɗin bashinmu na banki da rabon ribar bana, kuma a kan waɗannan biyun nake neman shawararku." Duk abin da zai biyo baya bayanin waɗannan jimloli ne.

Tushen maganar shi ne ranar da kuɗin suka fita. An sayi layin injinan, da tukunyar turara da injin busarwa da na'urar tantance launi da sauransu, shekara huɗu da suka wuce a kan naira biliyan 6. A wannan shekarar asusun banki ya ji jiki, amma lissafin riba bai nuna asarar biliyan 6 ba, saboda abin da aka saya zai yi aiki shekaru da yawa. Sai aka ajiye shi a littafi a matsayin kadara, aka ƙiyasta masa shekara 15, ana cire miliyan 400 duk shekara daga riba a matsayin kuɗin tsufa. Ba wanda ake miƙa wa wannan miliyan 400 ɗin. Raba tsohon kashe kuɗi ne a kan shekarun da ake cin moriyarsa. Bayan shekara huɗu an cire biliyan 1.6, saura biliyan 4.4 a littafi.

Zaftare daraja ɗan'uwan kuɗin tsufa ne, bambancinsu shi ne ɗaya yana zuwa kaɗan-kaɗan bisa jadawali, ɗayan kuma yana faɗowa lokaci guda. Mai motar haya da ya sayi babbar mota da tsada, bayan shekaru ya gane ba za ta iya mayar masa da abin da ya saura na kuɗinta ba, aljihunsa bai ragu ba a ranar da ya gane hakan. Ya dai daina yi wa kansa lissafin da ba gaskiya ba. Wannan shi ne abin da ƙa'idar IAS 36 ta tsarin IFRS take tilasta wa kamfani: kada kadara ta zauna a littafi da darajar da ta fi abin da za a iya samu daga gare ta.

Daga nan sai wasiƙar ta nuna inda biliyan 1.5 ta fito, domin daraktoci ne za su sa hannu a kanta. Ba kowace shekara ake auna injina ba, sai an ga alama. A nan alamu biyu ne. Layin da aka gina lissafinsa a kan zai riƙa aiki kusan cikakken ƙarfinsa yanzu bai fi rabi yake yi ba, saboda tsadar shanshera da kuɗin wuta da dizal. Sannan kuɗin ruwa ya hau: Babban Bankin Najeriya ya shiga 2024 da ma'aunin kuɗin ruwa a kashi 18.75 cikin ɗari, ya fita da shi a 27.5.

Idan alama ta bayyana, akan fitar da adadi biyu, a ɗauki wanda ya fi girma. Na farko shi ne abin da za a samu in an sayar da injinan yau, bayan an cire kuɗin kwancewa da dillanci da sufuri. Mai kimanta kadara ya ba da biliyan 2.3. Na biyu shi ne darajar ci gaba da amfani da su, kuma a nan ne aikin yake. Ana ƙiyasta tsabar kuɗin da layin zai riƙa bari duk shekara bayan an biya shanshera da wuta da albashi da gyara. An samu miliyan 800 a shekara, na tsawon shekara 11 da suka rage masa. In aka tara kai tsaye biliyan 8.8 ke nan, wanda ya ninka abin da ke littafi, kuma tabbas wani darakta zai yi wannan lissafin a gefen takarda ya ce to ina matsalar. Matsalar ita ce naira ta shekara ta goma ba daidai take da naira ta yau ba. Dole a rangwanta kuɗin kowace shekara da kason da mai zuba jari zai nema a harka mai irin wannan haɗari. An yi amfani da kashi 25 cikin ɗari. Da wannan ma'auni, miliyan 800 ta shekara mai zuwa miliyan 640 ce a yau, ta shekara ta biyu miliyan 512, ta shekara ta goma sha ɗaya kuwa ba ta kai miliyan 70 ba. Jimillarsu kimanin biliyan 2.9. Ita ta fi biliyan 2.3, don haka ita ake ɗauka. Biliyan 4.4 a cire 2.9, saura 1.5.

Wasiƙa mai kyau ba ta tsayawa a nan, takan raba adadin gida biyu. Bara an yi wannan awo da hasashen biliyan 1.1 a shekara da rangwamen kashi 20, layin ya tsallake da ƙyar. Da a ce bana ma kashi 20 aka riƙe, miliyan 800 ɗin za ta ba da kimanin biliyan 3.45, ragin ya tsaya a wajen miliyan 950. Ke nan kimanin miliyan 550 daga hauhawar kuɗin ruwa ta zo, abin da ba shi a hannun shugabannin kamfani, miliyan 950 kuma daga raguwar aikin injin. Wannan rabon ya fi jimillar amfani ga daraktoci, domin shi ke nuna musu wane ɓangare ne na kasuwa, wane ne na gida. Ya kamata kuma a faɗi yadda adadin yake motsi: ƙarin kashi ɗaya a ma'aunin rangwame yana ƙara ragin da kimanin miliyan 90. Adadin da kashi ɗaya ke juya shi haka ƙiyasi ne, kuma gara daraktoci su ji hakan daga bakin jami'in kuɗinsu kafin su ji daga masu binciken lissafi na waje.

Shigar da ragin a littafi layi biyu ne kacal. An ƙara biliyan 1.5 a cikin abubuwan da ake cirewa daga riba, an rage biliyan 1.5 daga darajar injina. Babu asusun banki a ko wane ɓangare, babu takardar biyan kuɗi, babu wanda ake bi ko yake bin kamfani. Duk daraktan da ke shakka yana iya neman a nuna masa wannan shigarwar, ya duba da idonsa ko sunan wani banki ya fito a ciki.

Hujjar da ta fi gamsarwa tana cikin bayanin shige da ficen kuɗi, wanda akasarin kamfanoni ke farawa daga riba su gangaro zuwa tsabar kuɗi. A fara da asarar miliyan 300. A mayar da kuɗin tsufa na dukan kamfanin, miliyan 600, tunda an cire shi daga riba amma bai fita daga banki ba. A mayar da ragin biliyan 1.5 saboda wannan dalilin. An samu biliyan 1.8. Yanzu a sake lissafin kamar ba a yi ragin ba: ribar biliyan 1.2, a haɗa da miliyan 600, biliyan 1.8 ce dai. Ko ragin ya zama biliyan ɗaya ko biliyan uku, nan za a sauka, domin abin da aka cire a sama shi ake mayarwa a ƙasa. Daga biliyan 1.8 ɗin, miliyan 500 ta shige cikin ƙarin shanshera a sito da bashin da ke hannun diloli, miliyan 250 harajin bara ne da aka biya, miliyan 200 ta tafi gyaran rumbuna da sayen janareta, miliyan 500 an biya uwar bashin banki. Saura miliyan 350, kuma ita ce bambancin da ke tsakanin 450 da 800 a takardar banki. Idan lissafin wasiƙar bai sauka daidai kan adadin da banki ya rubuto ba, akwai abin da aka ɓoye ko aka manta.

Akwai tarko a nan idan abin da aka rage darajarsa kaya ne na sito, ba injina ba. Misali shinkafar da aka sarrafa da tsada, farashi ya faɗi, aka rage ta zuwa abin da za a iya sayar da ita kamar yadda IAS 2 ta tanada. Wannan ragin ya riga ya shiga cikin canjin darajar kaya tsakanin farkon shekara da ƙarshenta. In aka sake mayar da shi a layi na daban ba tare da an gyara layin kayan ba, an ƙirga shi sau biyu, lissafin kuma zai haura kuɗin banki da daidai adadin ragin. Wannan gibin shi ne alamar kuskuren. Sannan ragin kaya ba ya jiran shekaru kafin a ji shi, cikin 'yan watanni za a sayar da buhunan a karɓi kuɗin da bai kai wanda aka kashe ba.

Batun haraji yakan rikita har waɗanda suka san lissafi. Wani zai ɗauka tunda an yi asara, bana ba haraji. Ba haka ba ne. Hukumar haraji ba ta karɓar kuɗin tsufa ko ragin daraja da kamfani ya ƙiyasta wa kansa. Ana mayar da su cikin riba, sannan a cire alawus ɗin kadara da doka ta ƙayyade. Ke nan harajin da za a biya bai ragu da ko kwabo ba. Amma a littafi za a ga wani sauƙi na miliyan 450, wato kashi 30 cikin ɗari na biliyan 1.5, a ƙarƙashin harajin da aka jinkirta. Shi ma rubutu ne, ba kuɗin da za a dawo wa kamfani da shi ba. In aka ajiye ƙananan haraji a gefe, ribar miliyan 840 bayan haraji ta koma asarar miliyan 210, jarin masu hannun jari ya ragu da biliyan 1.05, ba 1.5 ba.

Zuwa nan duk maganar kwantar da hankali ce, kuma jami'an kuɗi da yawa a nan suke rufe wasiƙa da cewa ragin rubutu ne kawai. A ganina wasiƙar da ta tsaya a nan ta faɗi gaskiya amma ta yaudari mai karatu. Me ya jawo ragin tun farko? Hasashen kuɗin da layin zai kawo ya sauko daga biliyan 1.1 zuwa miliyan 800 a shekara. Wannan miliyan 300 ɗin tsabar kuɗi ce da aka sa rai da ita, aka ci bashi a kanta, ba za ta shigo ba, kuma haka za a yi ta yi shekara bayan shekara sai an gyara abin da ya lalace. Dole wasiƙar ta faɗi haka a fili, ta kuma nuna ko miliyan 800 ɗin za ta ɗauki biyan bashin da aka tsara lokacin da ake zaton 1.1.

Misalin da duniya ta gani shi ne na kamfanin Kraft Heinz na Amurka. A watan Fabrairun 2019 ya sanar da rage darajar kadarorinsa da dala biliyan 15.4, mafi yawa a kan sunayen kayansa irin su Kraft da Oscar Mayer da rarar kuɗin saye, wato abin da aka biya sama da darajar kadarori, da aka rubuta lokacin haɗewar Kraft da Heinz a 2015. Lissafin 2018 ya nuna asarar fiye da dala biliyan 10, alhali ayyukan kamfanin sun shigo da tsabar kuɗi fiye da dala biliyan 2 a wannan shekarar. Ragin bai fitar da kuɗi ba. Duk da haka a rana guda aka sanar da rage rabon riba daga santi 62.5 zuwa santi 40 a kan kowane hannun jari duk wata uku, washegari kuma farashin hannun jarin ya faɗi da fiye da kashi ɗaya bisa huɗu. Masu zuba jari sun san ragin rubutu ne. Abin da suka karanta a cikinsa shi ne cewa kamfanin da kansa ya sauke hasashen cinikinsa na gaba.

A kamfanin shinkafarmu, hanya ta farko da rubutun zai iya zama matsalar kuɗi ita ce yarjejeniyar bashi. Ana bin kamfanin biliyan 5, kuma takardar bashin ta ce kada bashi ya wuce ninki ɗaya da rabi na jarin masu hannun jari. Kafin ragi jarin biliyan 4 ne, ninki 1.25. Bayan ragi ya koma biliyan 2.95, ninki 1.69. An karya sharaɗi ba tare da an makara biyan ko sisi ba. Abin da zai biyo baya yana cikin takardar: banki na iya ƙara kuɗin ruwa, ko ya nemi ƙarin jingina, ko ya ce a biya shi duka nan take. Wasu yarjejeniyoyin suna auna sharaɗin da ribar da ba a cire kuɗin ruwa da haraji da tsufa ba, har su ware ragin daraja a fili, wasu kuma ba sa warewa. Saboda haka jami'in kuɗi ya kawo ainihin kalmomin sharaɗin a wasiƙar, kada ya taƙaita su da fahimtarsa.

Lokaci ma yana da nasa hukuncin. Ragin yana hawa kan lissafin ranar 31 ga Disamba ko da a watan Maris aka kammala awon. Idan sharaɗin na wannan ranar ne, kuma ba a samu takardar yafewa daga banki kafin ranar ba, ƙa'idar IAS 1 ta ce a mayar da bashin gaba ɗaya cikin basussukan da ake iya nema cikin shekara guda, ko da bankin ya yafe daga baya. Biliyan 5 a wannan rukunin basussuka, a gaban miliyan 800 a banki, zai sa masu binciken lissafi su fara tambayar ko kamfanin zai iya ci gaba da aiki. Shi ya sa wanda ya san aikinsa yake yin awon gwaji tun watan Oktoba ko Nuwamba, ya je wa banki da alƙaluman da ƙafarsa kafin shekara ta rufe.

Hanya ta biyu ita ce rabon riba. Dokar kamfanoni ta CAMA 2020 ta ce daga ribar da ta halatta a raba kaɗai ake biyan masu hannun jari, wato ribar da aka tara bayan an cire asarar da aka tara, kuma ragin darajar injina yana cin wannan tarin. Kamfanin na da biliyan 1.4 a wannan asusu kafin ragi, yanzu saura miliyan 350. Daraktoci sun yi niyyar raba miliyan 500. Kuɗin na nan a banki, amma doka ba ta yarda a raba fiye da 350 ba, kuma dokar ta ɗora alhaki a wuyan daraktocin da suka san haka suka biya. Wannan sakin layin shi ne wanda kowane darakta zai karanta sau biyu, don haka a rubuta shi da alƙaluma, ba da lafazi mai laushi ba.

Saura gargaɗi a kan shekara mai zuwa. Tunda darajar layin ta koma biliyan 2.9, kuɗin tsufansa zai sauko daga miliyan 400 zuwa kimanin miliyan 264 a shekara. Riba za ta ƙaru da kimanin miliyan 136 duk shekara ba tare da an sayar da ƙarin buhu ɗaya ba. Nan ne ake yin wasa: sabon shugaba ya zo, ya zaftare darajar kadarori fiye da kima a shekararsa ta farko, ya ɗora wa wanda ya gada, sannan ya riƙa nuna riba mai kyau da ƙaramin jari. Alamarsa ita ce hasashen da aka yi awon da shi ya fi kasafin da daraktoci suka amince da shi muni nesa ba kusa ba. Kishiyarsa ma tana faruwa, a kumbura hasashe don a kauce wa ragi, sai ka ga an rubuta injin zai koma cikakken aiki badi ba tare da an nuna inda shansherar za ta fito ba. Maganin duka biyun ɗaya ne: wasiƙar ta haɗo da kasafin da aka amince da shi, ta nuna cewa daga cikinsa aka ɗauko miliyan 800. Idan ladan shugabannin kamfani yana rataye da riba, kwamitin albashi ya cire wannan miliyan 136 kafin ya auna su.

Wani darakta zai tambaya ko za a iya dawo da darajar in al'amura suka gyaru. A ƙarƙashin IAS 36 ana iya dawo da ta injina idan hasashen da aka yi awon da shi ya canza da hujja, amma ba za ta wuce abin da za ta kasance ba da a ce ba a taɓa ragin ba. A ƙarshen shekara mai zuwa wannan iyakar biliyan 4 ce, wato 4.4 a cire 400. Dawowar za ta shiga riba, kuma a bayanin shige da ficen kuɗi cire ta za a yi, kamar yadda aka mayar da ragin bana. Rarar kuɗin da aka biya wajen sayen wani kamfani kuwa, in aka rage ta, ba a dawo da ita har abada.

Wasiƙar sai ta rufe da abin da ake so daraktoci su yanke a zaman: su amince da ragin biliyan 1.5 bayan kwamitin binciken lissafi ya duba hasashen da ma'aunin kashi 25, su ba da izinin tattaunawa da banki a kan sharaɗin ninki ɗaya da rabi, su sauke rabon riba zuwa abin da bai wuce miliyan 350 ba ko su jingine shi har banki ya amsa, sannan su sa wa manajan darakta ranar da zai kawo tsarin samo shansherar da za ta ɗaga aikin layin daga rabi.